Rage wa fuska shekaru ko ƙara mata a hoto ba tare da ta koma ta mutum-mutumi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina aikin gyaran hoto da Photoshop a wani situdiyo. An kawo mini hoton wata Hajiya 'yar kimanin shekara 60, 'ya'yanta suna so a rage mata shekaru saboda kalandar bikin ajiye aikinta. Na goge tamojin duka, na matse muƙamuƙi, sai ta fito kamar mutum-mutumin gaban shagon kaya, har babbar 'yarta ta ce wannan ba Mama ba ce. Ga kuma wani aikin fosta da ake so saurayi ɗan shekara 30 ya koma dattijo. Ta ina ake kamawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka sake taɓa hoton nan, ka ƙanƙanta na asalin a allonka har ya koma girman farcen babban yatsa. Tamoji ko ɗaya ba za ka gani ba, amma za ka iya cewa wannan dattijuwa ce. To da me idonka ya gane? Da siffar fuskar da kuma inda inuwa ta kwanta. Tamoji shi ne na ƙarshe a cikin abubuwan da ido yake karanta shekaru da su, kai kuma da shi ka fara. Sai goshi da kumatu suka koma na 'yar shekara 20, alhali idanu da wuya da nauyin ƙasan fuska suna nan a 60 ɗinsu. Fuskar da sassanta suka saɓa wa juna a shekaru ita ce take sa gaban mai kallo ya faɗi, ko da bai san dalili ba. Wani masanin mutum-mutumi ɗan ƙasar Japan, Masahiro Mori, ya yi rubutu a kan wannan tun 1970: abin da ya kusa zama mutum amma bai ida ba ya fi abin da bai yi kama da mutum ba sam tayar da tsigar jiki.

Saboda haka sai ka san abin da shekaru suke yi wa fuska tun daga ciki. Ƙashi kansa yana sauyawa: ramin ido yana ƙara faɗi, ƙashin da yake tallafe da gefen hanci da leɓen sama yana ja baya, muƙamuƙi yana rage tsayi, musamman idan haƙora sun zube. A saman ƙashin akwai kitse da yake zaune kashi-kashi, kuma wanda yake cika saman kunci yana saɓewa, yana gangarowa ƙasa. Fata ita ma tana rage tauri. Kamar mutumin da ya rame ne a cikin rigar da aka ɗinka masa yana da jiki: yadin yana nan yadda yake, abin da yake cika shi ne ya ragu, sai ya zubo. Shi ya sa fuskar matashi ta fi faɗi a saman kunci ta tsuke zuwa haɓa, ta dattijo kuwa nauyinta ya sauko gefen baki da layin muƙamuƙi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, wanda yawancin darussan bidiyo ba sa faɗa domin da fuskokin Turawa ake yin su. Baƙar fata ba ta saurin yin ƙananan tamoji, saboda launinta yana kare ta daga ɓarnar rana. Tsufanmu ya fi fitowa a zubowar kunci, zurfin layin da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki, lotsawar ƙasan ido, rashin daidaiton launin fata, da 'yan ƙananan baƙaƙen ƙuraje marasa ciwo da suke fitowa a saman kunci da kewayen ido. Ka duba Hajiyarka da kyau, zai yi wuya tamojin da ka goge su ne suka fi nuna shekarunta.

Bari mu ɗauki nata aikin daga farko. Ka tambayi 'ya'yan ko suna da hotonta na shekara goma sha biyar baya, ko da na katin shaidar aiki ne. Shi ne ma'auninka, domin kowa da irin tsufansa, kuma hoton zai nuna maka inda kuncinta yake a da. Sannan ka sa wa kanka iyaka: daga 60 a komar da ita wajen 48 ko 50. Abin da ya wuce shekara goma zuwa goma sha biyu, sabuwar fuska kake ginawa, kuma 'ya'yanta za su ƙi ta. Akwai kuma wuraren da ba a zuwa kusa da su: tazarar da take tsakanin idanu, girman ido, faɗin hanci, faɗin baki, wushirya in tana da ita, tawadar Allah, tsagen gado in akwai. Da waɗannan ake gane mutum. A cikin Face-Aware Liquify, wanda ya shigo Photoshop a 2016, ka bar Eye Size, Eye Distance, Nose Width da Face Width a kan 0.

A ce hoton na kyamara ne mai fiksel 4000 da 6000, faɗin fuskar kuma wajen fiksel 1500. Ka kwafi leyar, ka mayar da ita Smart Object don ka iya komawa ka gyara, ka buɗe Filter > Liquify. Abu na farko, ɗauki Freeze Mask Tool ka shafe duk abin da yake da siffar da ido ya sani: 'yan kunne, sarƙa, bakin mayafi, zanen atamfa, layin bango ko labule a baya. Ɗan kunne mai zagaye da ya koma kamar ƙwai shi ne yake fara tona asirin mai gyara. In hijabi ta sa, bakinsa yana manne da kunci da haɓa, to shi ma ka daskarar da shi, ka yi aikinka daga ciki.

Yanzu muƙamuƙi. Da ka ja Jawline a Face-Aware Liquify, ƙashin gaba ɗaya ka matse daga ɓangarori biyu daidai wa daida, kuma ba ƙashinta ne ya yi faɗi ba. Ka bi layin muƙamuƙin da ido daga kunne zuwa haɓa. Za ka ga wani ɗan tudu da ya zubo ƙasa da layin, kusan saitin gefen baki, sannan a gabansa akwai ɗan lotso kafin a kai haɓa. Wannan tudu da lotson su ne aikin. Ɗauki Forward Warp Tool, girman buroshi wajen 450, Pressure wajen 15 zuwa 20, ka tura tudun sama da baya, wajen kunne, da 'yan ƙananan taɓi, kada ka ja shi lokaci guda. Lotson kuma ka ɗan fito da shi waje. Duka motsin kada ya wuce fiksel 20 zuwa 30, wato kashi biyu cikin ɗari na faɗin fuskar. Zai yi maka kamar ba ka yi komai ba. Ka kashe Preview ka kunna, za ka ga shekara biyar ta tafi.

Dalilin babban buroshi shi ne Liquify jan fiksel yake yi. Ƙaramin buroshi yana tara jan a wuri ɗaya, sai ramukan fata su miƙe su zama dogaye, gefen fuska ya yi ƙwarya-ƙwarya. Babba yana raba jan a fili mai faɗi. Ka kunna Show Mesh: in ragar ta lanƙwashe a hankali, lafiya, in ta murɗe ko layukanta suka haɗe, ka wuce gona da iri. Kunci ma haka za ka yi masa, ka sa tsakiyar buroshin a gefen layin hanci da baki, ka ɗaga naman sama da waje wajen fiksel 15. Ka guji Bloat Tool a kunci, yana sa fuska ta yi kamar mai ciwon haƙori. Kuma kada ka daidaita hagu da dama. Kowace fuska tana da ɓangaren da ya fi nauyi, in ka mayar da su tagwaye ka cire mata rai.

Mafi yawan aikin ba a Liquify yake ba, a haske da inuwa yake, kuma nan ne ake ɓata lokaci. Ka yi leyar Curves guda biyu, ɗaya ka ɗaga tsakiyarta sama kaɗan don haske, ɗaya ka sauke don duhu. Ka juya Layer Mask ɗin kowace zuwa baƙi da Ctrl+I, ka ɗauki farin buroshi mai laushi, Flow a kan 1% ko 2%. Ka ɗora leyar Black & White a can sama na ɗan lokaci, don launi ya daina ruɗarka ka riƙa ganin tudu da kwari kawai.

A fuskar matashi, haske yana gangarowa daga ƙasan ido zuwa saman kunci ba tare da ya katse ba. A fuskar Hajiya za ka ga wata inuwa ta taso daga kusurwar ido ta ciki ta karkato ƙasa, ta raba fatar ido da kunci gida biyu. Ka haskaka wannan inuwar a hankali har rabin duhunta ya tafi, sannan ka ɗan dusar da kumburin da yake samanta, domin duhun kwari rabinsa daga hasken tudun da yake kusa da shi yake zuwa. Haka za ka yi wa lotson gefen goshi, da inuwar ƙasan ƙashin kunci, da layukan da suka sauko daga gefen baki zuwa haɓa. A ƙarƙashin muƙamuƙi kuma akasin haka: ka ƙara inuwa siririya mai tafiya a miƙe daga kunne zuwa haɓa, ita take raba fuska da wuya. Aikin nan yana iya cin minti arba'in ko awa guda, kuma bai taɓa ramin fata ko ɗaya ba, shi ya sa fatar take fitowa fata.

Baƙar fata tana da tarko a nan. Inuwar da aka haskaka ba ta komawa launin fatar da take kewaye da ita. Ƙasan ido yakan koma toka-toka, cikin layin baki kuma yakan yi ja ko ruwan lemo. Maganinsa, ka yi sabuwar leya a kan Color, ka ɗebo launi daga lafiyayyar fatar da take dab da wurin, ka shafa da Flow wajen 5%. Kuma kada ka haska fuskar gaba ɗaya da sunan ƙuruciya. Mutane da yawa suna yi, sai Hajiya ta fito kamar mai shafa man bilicin, wuya da hannu suna ƙaryata ta.

Sai yanzu aka zo kan tamoji, kuma ba gogewa ake yi ba, gajartawa ake yi da rage zurfi. Tamoji yana farawa daga wuri ɗaya, shekaru suna ƙara masa tsawo. Layin gefen hanci ko jariri yana da shi in ya yi dariya. Abin da shekaru suka ƙara shi ne jelarsa da ta wuce gefen baki. Ka yi leya wadda ba komai a kanta, ka ɗauki Healing Brush da Sample a kan Current & Below, ka cire kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen kowane layi gaba ɗaya. Sauran jikin layin ka gyara shi a wata leyar daban, ka sauke Opacity ɗinta zuwa 40 ko 50, don layin ya dawo amma da sauƙi. Ka riƙa ɗebo fata daga kusa, domin ramukan fatar goshi daban suke da na kunci, na ƙasan ido kuma sun fi kowanne laushi.

In tana murmushi a hoton, tamojin gefen ido ba na taɓawa ba ne sai dai a ɗan rage. Murmushin gaske yana motsa naman da ya kewaye ido, ya ɗaga kunci, ya tattare gefen idon, ya sa ɗan kumburi a fatar ido ta ƙasa. Ka goge waɗannan ka bar baki yana dariya, ka samu bakin da yake murna da idanun da ba ruwansu. Ina kyautata zaton wannan ne ya fi sa 'yarta ta ce ba Mama ba ce.

Na san za a ce maka ka yi amfani da raba hoto gida biyu, launi a ƙasa, ramukan fata a sama. Yana da amfani wajen daidaita launin da ya yi dabbare-dabbare. Ga fuska mai faɗin 1500 a hoto mai 8-bit, ka yi kwafi biyu, na ƙasa ka ba shi Gaussian Blur na 6 zuwa 8, na sama kuma Image > Apply Image, ka zaɓi leyar da ka dusar, sannan:

```
Blending: Subtract
Scale: 2
Offset: 128
```

Sai ka sa leyar saman a kan Linear Light. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka zagaye kunci gaba ɗaya a leyar ƙasa aka narkar da shi. Tudu da kwarin fuska suna cikin wannan leyar, in ka narkar da su sai ramukan fata su zauna a kan shimfiɗaɗɗen fili kamar an manna su. Ni dai ba na barin yaran da nake koya wa aiki su taɓa wannan hanya sai hannunsu ya faɗa da haske da inuwa. Mai aiki da GIMP yana da makamantan waɗannan: Warp Transform a madadin Liquify, da Wavelet-decompose don rabawar.

In kuwa hoton ta WhatsApp aka turo maka, an riga an matse shi, ramukan fatar sun tafi tun kafin ka taɓa. Ka ce a sake turo na asali a matsayin Document. In babu, ka rage buri, kuma a ƙarshe ka ɗora leya mai 50% Gray a kan Soft Light, ka ba ta Add Noise kaɗan da Monochromatic, don wurin da ka gyara da wanda ba ka gyara ba su yi tsakuwa iri ɗaya.

Daga nan ka sauka ƙasa da haɓa. Wuya, bayan hannu in ya fito, da fatar kunne, duk a rage musu gwargwadon abin da aka rage wa fuska. Farin ido a ɗan rage masa ruwan ɗorawa, amma kada ya koma fari fat. Farin ido ƙwallo ne, yana da inuwa a kusurwoyinsa da ƙarƙashin fatar ido ta sama. Haƙora ma haka.

Aikin saurayinka kuwa hanya ɗaya ce aka juyo, tsarin bai sauya ba: siffa, inuwa, sannan layuka. A Liquify ka sauko da naman kunci ƙasa da ciki, ka fito da ɗan tudun nan a layin muƙamuƙi, ka sirantar da leɓen sama tare da ƙara tazarar da take tsakaninsa da hanci, ka ɗan sunkuyar da kan hanci, ka tsawaita fatar kunne, ka sauko da wutsiyar gira da fatar ido ta sama. Kowanne fiksel 10 zuwa 25 a fuska mai irin wancan girman. Da inuwa kuma ka rarake gefen goshi, ƙasan ido da ƙasan ƙashin kunci. In ka tsaya a nan ka ƙanƙanta hoton, ya kamata ya riga ya ba 50 baya. In bai yi ba, ƙara tamoji ba zai cece shi ba, sai dai ya zama yaro da aka yi wa zane a fuska.

Tunda saurayin yana nan da ransa kuma aikin fosta ne, kira shi situdiyo. Ka ɗauke shi fuska a sake, sannan ba tare da ka motsa fitila ko kyamara ba, ka sa ya ɗaga gira, ya haɗe rai, ya yi dariya har ido ya tsuke. Layukan da suka fito su ne ainihin inda tamojinsa zai zauna nan da shekara talatin. Ka ɗora waɗannan hotuna a kan na farko, ka daidaita su, ka fito da goshi daga wannan, tsakanin gira daga wancan, gefen ido daga na dariyar, da Layer Mask. Fatarsa ce, haskensa ne, ba abin da zai saɓa. Wannan ya fi ɗebo fatar wani tsoho daga intanet nesa ba kusa ba, domin ita tana zuwa da haskenta da launinta, sau da yawa ma da irin tamojin farar fata da bai dace da mu ba.

Inda dole ka zana da hannu, ka riƙe abu biyu. Tamoji yana gitta hanyar da nama yake ja: naman goshi sama yake ja, layukansa a kwance suke; naman da ya kewaye ido da baki zagaye yake, layukansa suna fita kamar tsirkiya. Sannan tamoji kwari ne, yana da gefe mai duhu da gefe mai haske. In fitila daga sama take, duhun yana sama, siririn haske yana biye da shi a ƙasa. Baƙin layi shi kaɗai tabon biro ne. Ka sa layin ya yi kauri a tsakiya ya sirance a ƙarshe, ya katse a wani wuri, kada na hagu ya zama kwafin na dama.

Furfura kuma kada ka zagaye gemu ka cire masa launi, toka mai shuɗi-shuɗi za ka samu. Sili-sili ake sa ta da buroshi mai fiksel 1 zuwa 2, a bi kwanciyar gashin, a fara daga saje da gaban haɓa inda ta saba fara fitowa, a bar baƙaƙe da yawa a tsakani, a jefa 'yan kaɗan a gira. A idon dattijai sau da yawa akwai wani zobe fari-fari a bakin baƙin ido. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana ƙara shekaru fiye da layuka goma a goshi.

Ko wanne ka yi daga cikin biyun, idonka zai saba da aikin bayan rabin awa ya daina gaya maka gaskiya. Ka juya hoton da Flip Canvas Horizontal, karkacewar da ka daina gani za ta fito. Ka tashi ka sha ruwa ka dawo, ka duba shi ƙarami a waya, domin a nan yawancin mutane za su gan shi. Ka tara leyoyin haske, inuwa da tamoji a Group ɗaya ka sauke Opacity ɗinsa zuwa 70 ko 80. Sau da yawa za ka ga ya fi kyau. Amma leyar Liquify ba a rage mata Opacity, domin tsohon layin muƙamuƙi zai leƙo ta ƙarƙashin sabon, gefen fuska ya zama biyu. In ya yi yawa, ka koma cikin Liquify ka danna Reconstruct ka rage Amount.

Kafin a buga kalanda ɗari biyu, ka buga guda ɗaya a girman da za a yi, domin takarda mai sheƙi tana ƙara wa fata santsi fiye da yadda allo ya nuna. Ka miƙa wa babbar 'yar ba tare da ka ce mata ga abin da ka taɓa ba. In ta ce Mama ta yi kyau a nan, yaushe aka ɗauka, ka tura wa masu bugawa. In ta yi shiru tana ƙare masa kallo, ka koma ka duba gefen ido da ƙasansa tukuna, sannan muƙamuƙi.